Sabon serom ya zo, biki saura mako uku: ta yaya zan gwada shi kafin ya hau fuskata?

Maman Ilham (Garwa): Assalamu alaikum 'yan uwa, ya zafi? Ina da tambaya. Yayata ta aiko min da wani serom daga Duwala, na bitamin C, da wani kirim na dare da aka haɗo su tare. Bikin ƙanwar maigida saura mako uku, kuma tsoro nake ji, don bara na shafa wani mai da na saya a kasuwa, kwana biyu fuskata ta yi rudu-rudu har na kasa fita suna. Yau da safe na ɗiga serom ɗin a bayan hannuna, na jira kamar rabin awa, ban ji komai ba. Shi ke nan na iya shafawa a fuska da dare?

Hajiya Mai Kwalliya (Marwa): Wa alaikumus salam. Rabin awa ya yi kaɗan 'yata. Ni abin da nake gaya wa masu saye a shagona, ki shafa a bayan kunne ki kwana da shi. In gari ya waye ba ƙaiƙayi, ba ja, to ya karɓe ki. Shekara goma sha biyu ina wannan sana'a.

Anti Hadiza (Ngaundere): Maman Ilham, don Allah kada ki shafa yau. Hajiya ta yi gaskiya cewa rabin awa ya yi kaɗan, amma kwana ɗaya ma bai isa ba, kuma bari in faɗi dalili, don na daɗe ina aikin jinya a ɓangaren da likitan fata yake ganin marasa lafiya.

Mai yana iya yi wa fata ɓarna ta hanya biyu, kuma kowace da lokacinta. Akwai wanda ƙarfinsa ne ya yi yawa, yana cin fata kamar yadda omo yake cin hannun mai wanki. Wannan zafi da raɗaɗi yake zuwa da su, sau da yawa cikin mintuna ko awanni kaɗan, kuma iya inda man ya taɓa yake tsayawa. Gwajinki na rabin awa wannan kaɗai zai iya kamawa, shi ma ba kullum ba.

Ɗayan kuwa jiki ne da kansa yake ƙin wani sinadari da ke cikin man, galibi turaren da aka sa masa ko maganin da ke hana shi lalacewa. Shi wannan ba ya gaggawa. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya fito, wani lokaci fiye da haka, kuma in sinadarin kaɗan ne a cikin man sai an yi ta shafawa kwanaki kafin ya nuna. Ƙaiƙayi ne babbar alamarsa, da ƙananan ƙuraje, wasu da ruwa a ciki. Ki duba labarinki na bara: kin ce kwana biyu. Da kin gwada wancan man na dare ɗaya, lafiya lau za ki gani da safe, ki shafa a fuska, ki faɗa cikin abin da kika faɗa.

Maman Ilham (Garwa): Wallahi haka ne Anti, ranar farko har yabon man na yi. To kwana nawa ke nan?

Anti Hadiza (Ngaundere): Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ce a shafa a wuri guda, sau biyu a rana, kwana 7 zuwa 10. Faɗin wurin kamar kwandalar dala ashirin. Kaurin shafawar daidai yadda za ki shafa a fuska, ba ki lafta ba, ba kuma ki ɗan goga ba. Serom ɗigo ɗaya ya isa wannan faɗin. Su wurin da suka ambata shi ne cikin hannu ko lanƙwasar gwiwar hannu, amma a nan ni nake sauya wa matanmu shawara.

Zainabu (Kuseri): Me ya sa Anti? Ni a lanƙwasar gwiwar na ga ana yi a bidiyo.

Anti Hadiza (Ngaundere): Saboda alwala, Zainabu. Mu muna wanke hannu har gwiwa sau da dama a rana. Ki shafa mai a cikin hannu da safe, kafin azahar kin wanke shi, da la'asar kin sake wankewa. Man da aka yi shi don ya kwana ko ya wuni a fata bai zauna ba, sai ki ce kin gwada. Bayan kunnen da Hajiya ta ce shi ma ana shafa masa ruwa a alwala, ga ɗankwali da hijabi suna gogarsa duk wuni, ga gumi, ga man kitso da ke gangarowa. In ƙuraje suka fito a can ba za ki san wanda ya kawo su ba, kuma ke kanki ba kya ganin wurin sai da madubi biyu.

Wurin da nake so shi ne cikin damtse, kamar yatsu huɗu sama da gwiwar hannu, ta ɓangaren da ke kallon jiki, amma kada ki hau har hammata. Fatar can tana da laushi, ruwan alwala ba ya kaiwa, rana ba ta dukanta. Ki zagaye wurin da biro don kullum ki dawo wuri ɗaya. Ki shafa bayan wankan safe in jiki ya bushe, ki sake bayan isha'i. In kin yi wanka da rana saboda zafin Garwa, ki mayar da shi bayan wankan. Kada wani mai, ko humra, ko turare ya taɓa cikin da'irar har a gama.

Goggo Ladi (Njamena): Ku dai yaran yanzu. Mu da muka yi ta ƙunshi tun muna 'yan mata wa ya taɓa gwada lalle a damtse? A kwaɓa, a ɗaura, da safe a kwance, ya kama ja wur. In za ta yi ƙunshin biki ta yi abinta.

Zainabu (Kuseri): Goggo ba ƙunshi ake magana ba, man fuska ne.

Goggo Ladi (Njamena): Au, to. Idon ne ba ya gani sosai a wayar.

Anti Hadiza (Ngaundere): Goggo ba ki yi nisa da hanya ba ai. Jan lallenku na gargajiya da wuya ya yi wa mutum illa. Baƙin nan na zane da ake haɗawa da rinin gashi shi ne yake ƙona hannun amare, kuma shi ma bayan kwanaki yake tashi. Amma wannan mu bar shi wata rana.

Hajiya Mai Kwalliya (Marwa): Anti Hadiza ina girmama iliminki, amma kwana goma? Wace mata ce za ta sayi mai na jaka takwas ta ajiye shi tana shafa wa damtse? Ni in ana so a yi sauri, sai na ce a shafa da kauri a manne da filasta, ya shiga sosai. Ai haka na ji ana yi a asibiti, ana manna wa mutum abu a baya.

Anti Hadiza (Ngaundere): Hajiya, ana mannawa a asibiti, gaskiya ne. Ana manna ƙananan faifai a gadon baya, a bar su awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Amma abin da ke cikin faifan sinadarai ne ɗaya-ɗaya da aka auna, aka tsarma su daidai yadda ba za su ƙona fatar mai lafiya ba. Ke kuwa in kin rufe serom mai tsami da filasta a wannan zafin, kin ninka ƙarfinsa, gumi ya taru a ƙasa, fatar kowa sai ta yi fushi. Za ki zubar da man da ba shi da laifi, ko ki bar wa mutum baƙin tabo. Filastar ma kanta akwai waɗanda gam ɗinta ke sa wa ƙuraje. A bar wurin a buɗe, minti kaɗan ya sha iska, a sauke hannun riga.

Abin da ake wankewa, kamar sabulun fuska, shi ba a barinsa. A shafa, a bar shi kamar minti biyar ko yadda aka rubuta a kwalinsa, a ɗauraye.

Maman Ilham (Garwa): To tunda lokaci ya ƙure, in sa serom ɗin da kirim ɗin a wuri ɗaya, tunda dama tare zan riƙa shafa su?

Anti Hadiza (Ngaundere): A'a. In wurin ya tashi wa za ki kama? Allah ya ba ki damtse biyu. Serom a dama, kirim a hagu, ki rubuta a takarda don kada ki manta. Ki ɗauki hoton kowane wuri yau kafin ki fara, a hasken rana, bakin taga.

Hoton yana da dalili. Takardun da ke cikin kwalayen nan suna cewa a duba ko wurin ya yi ja, amma a fatarmu ja ba ya fitowa yadda yake fitowa a farar fata. Abin da za ki gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ko ya yi toka-toka, ko ya yi launin shunayya mai duhu, ko ya riƙa sheƙi. Yatsa ma ya fi ido aiki: ki rufe ido ki shafa daga wajen da'irar zuwa ciki. In kin ji ciki ya yi kaushi kamar an barbaɗa gero, ko ya ɗan tasa, ko ya fi ɗumi, to wani abu na faruwa ko da ido bai gani ba.

Abu ɗaya da ba a jira a kansa: in cikin mintuna jiki ya yi borin jini, leɓe ko ido ya kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, a wanke a tafi asibiti nan take. Ba kasafai yake faruwa ba, amma a sani.

Zainabu (Kuseri): Ni fa na taɓa yin irin wannan da wani mai na haɗi da na saya wurin wata mata a unguwarmu, a ɗan roba ba rubutu. Mako guda cur ina shafawa a hannu, ko ƙaiƙayi babu, wurin ma har ya fi laushi da haske. Na yi wata huɗu ina shafawa a fuska. Da na daina sai fuskar ta yi ta zafi, ƙuraje suka feso, yanzu jijiyoyi ƙanana sun fito a kumatuna, in na shiga rana kamar an watsa min barkono. To ina amfanin gwajin?

Anti Hadiza (Ngaundere): Sannu Zainabu. Abin da kika kwatanta ya yi kama da man da aka zuba wa maganin kumburi mai ƙarfi, irin su kulobetasol ko betametason, waɗanda masu haɗi ke matsewa daga tub su juya cikin mai. Aikin waɗannan magunguna shi ne kwantar da ƙaiƙayi da kumburi. Ke nan abin da kike nema a gwajin, man da kansa yana danne shi. Ko akwai abin da jikinki ya ƙi a ciki ba za ki gani ba. Ɓarnarsa kuma ta watanni ce: fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, in an daina ta tashi. Haka haidurokinon, sinadarin da ake sa wa man bilicin, baƙin da yake bari a kumatu sai an daɗe ana shafawa yake fitowa. Ba gwajin damtse da zai nuna miki waɗannan. Gwajin yana amsa tambaya ɗaya ce kawai, ko fatarki za ta yi bori da man a kwanakin farko. Bai ce miki man lafiyayye ne ba. Ai a 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigo da kayan shafa masu haidurokinon da makuri, wato zaiba, da sayar da su, amma kowa ya san ba su bar kasuwa ba.

Ki je likitan fata ya gan ki, kada ki koma wa man don ya kwantar da zafin, don haka ake komawa ciki.

Hajiya Mai Kwalliya (Marwa): Ba duk haɗi ne haka ba fa. Ni nawa man kaɗanya ne da zuma da ɗan abin da ba zan faɗa ba, sirrin sana'a ne. Ba wadda ta taɓa dawo min da ƙorafi.

Zainabu (Kuseri): Hajiya, ni ma ban koma wurin matar ba. Kunya na ji.

Hajiya Mai Kwalliya (Marwa): To ni dai na san kayana.

Maman Ilham (Garwa): 'Yan uwa na dawo, yau kwana huɗu. Hagu, wato kirim, shiru, kamar ban shafa komai ba. Dama kuwa, ranar farko da ta biyu in na ɗiga serom ɗin yana ɗan yi min tsiki-tsiki kamar minti biyu ya wuce. Jiya da dare ƙaiƙayi ya fara, har na tashi ina sosawa cikin barci. Yau da safe na shafa da yatsa kamar yadda Anti ta ce, na ji ƙananan ƙuraje kamar guda goma sha, wurin ya fi hoton farko duhu. Amma maigida ya ce ƙurajen zafi ne, wutar lantarki ta ɗauke mana daren jiya ba fanka.

Hajiya Mai Kwalliya (Marwa): Alama ce yana aiki. Bitamin C haka yake, yana fitar da dattin fata. Ki daure kwana biyu zai lafa.

Anti Hadiza (Ngaundere): Hajiya a nan kam ban yarda ba. Tsiki-tsikin minti biyu na ranar farko, wannan na yarda, serom mai tsami yana yin haka kuma ba lallai laifi ba ne. Retinol, wani sinadarin man fuska, shi ma yakan busar da fata ta ɗan saɓe a farko. Amma ƙaiƙayin da ke tashin mutum daga barci a kwana na uku, da ƙuraje, ba datti ne ke fita ba. Wane datti ne a cikin damtse?

Maman Ilham, maganar maigidanki a duba ta, ba a yi watsi da ita ba. Ɗaga hannayen biyu gaban madubi. Ƙurajen zafi ba su san biro ba: za ki gan su a damtse biyun, da wuya, da ƙasan nono, da baya, duk inda gumi ke kwanciya. Ki gaya min abin da kika gani.

Maman Ilham (Garwa): Na duba. Wuyana akwai 'yan kaɗan, dama ina yinsu duk bazara. Amma damtsen hagu ba ko ɗaya. Na dama duk a cikin da'irar suke, sai biyu ko uku da suka ɗan tsallake layin.

Anti Hadiza (Ngaundere): To ba zafi ba ne. Damtse biyu ɗaki ɗaya suka kwana. Ki daina serom ɗin yanzu, ki wanke wurin da ruwa, ki ɗora tsumma mai sanyi in yana damunki, ki shafa basilin zalla marar ƙamshi. Kada ki sosa, don a fatarmu susa ce ke barin tabon da zai yi watanni. Kada ki sake ɗigawa wai don ki tabbatar.

Ki lura da shi kwana biyu masu zuwa. In ƙarfin serom ɗin ne kawai, da kin daina zai fara lafawa. In jikinki ne ya ƙi wani sinadari, yakan ci gaba ko ma ya ƙaru kwana ɗaya ko biyu bayan an daina, kuma tsallake layin nan da ƙaiƙayin sun fi karkata can. Daga nan ba zan iya yanke hukunci ba, kuma ko na gani da ido ba zan iya cewa ga sinadarin ba. Kada ki yar da kwalin. Ki ɗauki hoton jerin abubuwan da aka rubuta a bayansa, in kina da kwalin man bara shi ma haka, likita zai duba abin da suka haɗu a kai. In wurin ya yi ruwa, ya kumbura ko yana yaɗuwa, kada ki jira.

Maman Ilham (Garwa): Na bara tuni na jefar, haushi ya sa. To kirim ɗin fa? Tunda shi shiru, in fara?

Anti Hadiza (Ngaundere): Kwana huɗu ne kawai, ki cika bakwai aƙalla. Bayan nan ma ba duk fuska ba. Fatar fuska ta fi ta damtse saurin fushi, musamman gefen hanci da kewayen ido da baki. Ki zaɓi wuri ɗaya a gefen muƙamuƙi kusa da kunne, faɗin kwandala, ki shafa da dare bayan isha'i tunda na dare ne, dare uku ko huɗu. In lafiya, sai duk fuska, dare ɗaya ki shafa dare ɗaya ki huta. Ki lissafa: yau saura kwana goma sha bakwai biki. Uku na damtse, huɗu na muƙamuƙi, saura goma. Ya isa ki ga yadda fuska ta karɓa, amma ki sani in mai ne mai toshe ƙofofin fata, ƙurajen fuska sukan ɗauki makonni kafin su fito, kuma damtse ba zai taɓa gaya miki wannan ba. Ni da ni ce, da na bar shi sai bayan biki.

Zainabu (Kuseri): Ni ma bayan biki zan ce.

Hajiya Mai Kwalliya (Marwa): Ai don bikin aka aiko shi. In damtse ya karɓa, muƙamuƙi ya karɓa, me kuma ake jira? Tsoro ya yi yawa a gidan nan.

Goggo Ladi (Njamena): Ta yi dilka da halawa kamar kowa mana, ta huta.

Anti Hadiza (Ngaundere): Goggo, in za ta yi dilka to kada ta haɗa ta da sabon kirim a mako ɗaya. Fatar da aka murje komai ya hau ta sai ya yi zafi.

Maman Ilham (Garwa): Yau kwana biyu da na daina. Jiya ƙurajen sun ƙaru, sun kai wajen da'irar kamar faɗin yatsa, yau ƙaiƙayin ya ɗan sauka. Na ɗauki hoton bayan kwalin, jibi zan je asibiti da shi. Serom ɗin ƙanwata ta ce in ba ta, na ce sai in ta yarda a zana mata biro a damtse. Kirim ɗin gobe yake cika bakwai, ban yanke shawara ba tukuna. Yayata ta kira daga Duwala tana tambaya ko na fara ganin haske, na ce mata ana kan hanya.